Awo biyar, ɗaya ya zama saniyar ware: a jefar da shi ko a bar shi?

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da sabuwar masara ke shigowa Garuwa ta arewacin Kamaru daga ƙauyukan gefen kogin Binuwai, wani Alhaji mai sayen hatsi ya kawo mana samfuri a ɗakin gwajin da nake aiki. Mai sayen da zai kai wa kayan ya gindaya sharaɗi a takarda cewa danshin masarar kada ya haura kashi 14.0 cikin ɗari. Muka niƙa samfurin, muka cakuɗa garin sosai, muka ɗebi giram biyar-biyar a ƙananan kwanuka biyar, muka sa a tandar busarwa a zafin kimanin digiri 130. Da aka fitar aka sake aunawa, ga abin da ya fito, na jera daga ƙarami zuwa babba: 13.6, 13.8, 13.9, 14.0 da 14.9. (Takardunmu na Faransanci waƙafi suke sawa, 13,6, a nan zan yi amfani da ɗigo.)

Yaron da ke koyon aiki a hannuna ya duba, ya ɗauki biro. "Malam, wannan na ƙarshen ai kuskure ne, in soke shi?" Na ce ya ajiye biron tukuna ya yi mini lissafi biyu. In aka haɗa duka biyar, jimla 70.2, matsakaici 14.04, masarar Alhaji ta faɗi da ɗan ƙiris. In aka cire 14.9, jimla 55.3, matsakaici 13.83, ta haye. Wato layi ɗaya na biro shi zai yanke ko mota ta tashi ko a sauke buhuna a sake shanya. A irin wannan hali zuciyar mutum ba abin yarda ba ce, domin kowa a ɗakin ya san amsar da Alhaji yake so, kuma Alhaji mutumin kirki ne da ke gaisawa da kowa.

Abu na farko da nake yi ba lissafi ba ne, littafin aiki nake buɗewa. In akwai dalili a rubuce, an zubar da gari, an manta murfi, an karanta sikeli ba daidai ba, to wannan awon ya lalace, ana cire shi ba tare da wani gwajin ƙididdiga ba, a rubuta dalilin a gefe. Kuma a cire shi ko da lambar da ya bayar ta yi kyau, wannan ne wurin da mutane ke yin shiru. Awon danshi yana da sauƙin bincike saboda kowane kuskure yana da gefen da yake tura sakamako. Ana samun danshi ne ta hanyar cire nauyin busasshen gari daga nauyin ɗanye, a raba da nauyin ɗanyen. Saboda haka duk abin da ya hana gari bushewa sosai, kamar ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, ko garin ya sake shan laimar iska yana hucewa don tsakuwar silika da ke cikin tukunyar sanyaya ta ƙoshi, ƙasa zai ja lambar. Abin da ke tura ta sama shi ne asarar nauyin da ba ruwa ba: gari ya zube bayan awon farko, ko kwanon kansa yana da laima lokacin da aka auna shi wayam, ko gefen tandar da ya fi zafi ya fara ƙona garin. Lambarmu sama ta yi, don haka tambayata ga yaron ita ce ko wani kwano ya karkace a hanya.

Ku dubi ƙanƙantar abin da muke nema. Tsakanin 14.9 da inda sauran suka taru, wajen 13.8, akwai kashi 1.1 cikin ɗari. A kan giram biyar wannan miligiram 55 ne kacal, bai kai nauyin ƙwayar masara ɗaya ba, ɗan abin da zai manne a yatsa ne. Yaron ya ce bai ga komai ya zube ba, littafi bai nuna komai ba, lambobin kwanuka sun yi daidai da nauyinsu na wayam, lissafi ba kuskure. Ba mu da hujja a hannu. A nan ne kaɗai gwajin ƙididdiga yake da hurumi.

Wanda aka fi sani a ɗakunan gwajin sinadarai shi ne gwajin Q na W. J. Dixon, wanda ya fito a 1950, sannan shi da R. B. Dean suka sauƙaƙa shi ga masu aikin sinadarai a 1951. An so shi ne don ana yin sa a bayan ambulan. Ka jera lambobi, ka auna giɓin da ke tsakanin wadda ake zargi da maƙwabciyarta mafi kusa, ka raba da faɗin duka jerin, wato babba a cire ƙarama.

```
Q = (14.9 - 14.0) / (14.9 - 13.6) = 0.9 / 1.3 = 0.692
```

Ma'anarsa a fili take: kusan kashi bakwai cikin goma na duk faɗin jerin, wannan lamba ɗaya ce ta jawo shi. Sai a gwada da jadawali. Ga awo biyar, iyakar ita ce 0.642 a matakin tabbaci na kashi 90, 0.710 a kashi 95, 0.821 a kashi 99. In Q ɗinka ya haura iyaka, gwajin ya ba ka izinin cirewa. Namu 0.692 ne. Ya wuce 0.642, bai kai 0.710 ba. Yaron ya yi murmushi ya ce, "To Malam, mu ɗauki na kashi 90 mana." Na ce masa da wannan dabarar ba ma bukatar jadawali, mu soke kawai mu huta. Mataki ana zaɓen sa ne kafin a ga lambobi, a rubuta shi a ƙa'idar aiki, kuma a tamu an rubuta kashi 95 tun kafin a ɗauke shi koyo. Wanda ya duba sakamako sannan ya zaɓi layin da zai ba shi abin da yake so, ya harba kibiya ne sannan ya je ya zana da'ira inda ta faɗa.

Ya kamata a fahimci daga ina waɗannan iyakoki suka fito, domin nan ne yawancin ruɗanin yake. A ɗauka hannunka da sikelinka lafiya lau, ba kuskure ko ɗaya. Duk da haka awo biyar ba za su fito iri ɗaya ba. Za su warwatsu yadda hatsi ke yi in an zazzage buhu a tabarma: tsibi a tsakiya, yana raguwa zuwa gefe, da 'yan ƙwayoyi kaɗan da suka yi tsalle can nesa. Jadawalin an gina shi ne a kan wannan siffa ta tsibi mai daidaiton gefe biyu. Abin da 0.710 ke faɗa shi ne, in ka yi ta ɗibar awo biyar-biyar daga irin wannan tsibi mai tsabta, sau biyar ne kawai cikin ɗari za ka ga giɓin da ya kai haka a ɗaya daga ƙarshen biyu. A matakin kashi 90 kuwa sau goma cikin ɗari. Ɗakin gwajin da ke aiki da kashi 90, in ya gwada samfuri 200 a kaka ɗaya, zai jefar da awo mai lafiya a kusan 20 daga cikinsu, alhali ba abin da ya same su. Gwajin bai san ko gari ya zube ba. Iyakar abin da ya sani shi ne ko lambar ta yi nisan da ba kasafai sa'a ke kaiwa ba.

Akwai wani tarko a jadawalan kansu, kuma na sha ganin ya kama masu digiri. Za ka buɗe littafi ɗaya ka ga 0.642 a ƙarƙashin kashi 5 cikin ɗari, ka buɗe wani ka ga 0.710 a ƙarƙashin wannan kashi 5 ɗin. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na farko yana lissafin gefe ɗaya ne, kamar tun kafin ka fara ka ce ƙarshen sama kaɗai za ka duba. Na biyu yana lissafin gefe biyu. D. B. Rorabacher ya yi rubutu a 1991 yana warware wannan cakuɗar, kuma jadawalinsa ne littattafai da yawa ke kwafa. A aikinmu na yau da kullum gefe biyu ne daidai, saboda ba mu san ta wane gefe saniyar waren za ta ɓullo ba sai da muka gan ta. Da 12.7 ta fito maimakon 14.9, ita ma da mun zarge ta. Hanya mafi sauƙi ta gane jadawalin da ke hannunka ita ce ka duba layin awo biyar: in ka ga 0.710, gefe biyu ne a kashi 95.

Gwaji na biyu shi ne na Frank Grubbs, shi ma daga 1950, kuma shi ƙa'idojin ISO, hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, suka fi karkata gare shi. Maimakon duba maƙwabciya ɗaya, yana auna nisan lambar daga matsakaicin duka, ya raba da ma'aunin warwatsuwa da ake rubutawa da harafin s. Duka biyun ana lissafa su ne tare da lambar da ake zargi a ciki, kada a cire ta tukuna. A namu matsakaici 14.04, s kuma 0.503.

```
G = (14.9 - 14.04) / 0.503 = 1.710
```

Iyakar awo biyar a kashi 95, gefe biyu, 1.715 ce. Mun tsaya a bakin ƙofa, ba mu shiga ba. Gwaje-gwajen biyu sun yi magana ɗaya: lambar abin zargi ce, amma hujjar ba ta isa a kore ta ba. Kuma kada kowa ya ɗauka cewa samun gwaji biyu na nufin damar jarrabawa sau biyu, in wannan ya ƙi a koma wancan. Ɗaya ake rubutawa a ƙa'ida, a tsaya a kansa. Ni na yi na biyun ne don in koya wa yaron.

Gara ma da na yi, domin da ya sa lambobin a kwamfuta sai ya kira ni da murna, wai G ya fito 1.91. Ban duba allon ba na ce masa ya yi kuskure. Da awo biyar, G ba zai taɓa wuce 1.789 ba, ko da lambar ta biyar ta kai dubu, saboda tana nisa tana jan matsakaici zuwa wajenta tana kuma kumbura s. Abin da ya faru shi ne ya zaɓi umarnin da ke rabawa da biyar maimakon huɗu wajen lissafin s. A Excel na Faransanci da muke amfani da shi, ga na daidai:

```
=(MAX(A1:A5)-MOYENNE(A1:A5))/ECARTYPE.STANDARD(A1:A5)
```

Shi kuwa ECARTYPE.PEARSON ya danna, wanda ya ba shi 0.450 a madadin 0.503. Bambancin kalma ɗaya, da an jefar da awo da sunan kimiyya.

Wannan rufin na 1.789 yana nuna wani abu game da ƙananan jeri. Iyaka 1.715, rufi 1.789, ɗan sarari ne ƙwarai tsakaninsu. Gwajin ba ya da ƙarfin gani sosai in lambobi kaɗan ne, kuma da awo uku, wanda shi ne abin da yawancin ɗakunan gwaji ke yi don tsimin lokaci da wuta, kusan makaho ne. Iyakar Q ta awo uku a kashi 95 ita ce 0.970. Kafin a haura ta, sai giɓin ya ninka tazarar sauran biyun fiye da sau talatin. Ɗauki 13.8, 13.9 da 15.5. Ko mai tallan gyaɗa ya ga waɗannan zai ce ta ukun ba ta cikin dangi, amma Q ya fito 1.6 a raba da 1.7, wato 0.941, gwaji ya ce a bar ta. Yanzu ɗauki 13.8, 13.8 da 13.9, awo uku masu kyau da kowa zai yi alfahari da su. Giɓi 0.1, faɗi 0.1, Q ya zama 1, gwaji ya ce a jefar da 13.9. Ya kyale ɓarawo ya kama mai gida, don kawai lambobi biyu sun zo iri ɗaya bayan an taƙaita su zuwa gurbi ɗaya bayan ɗigo. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: da awo uku kada a yi gwajin ware ko kaɗan. In ɗaya ya ba ka tsoro, ƙara awo.

Wani makantar kuma ita ce in saniyar ware biyu ce. A ce jerin ya fito 13.6, 13.8, 13.9, 14.8, 14.9. Giɓin da ke tsakanin ta ƙarshe da maƙwabciyarta 0.1 ne, Q bai kai 0.08 ba, G kuma 1.16. Duka gwajin biyu za su ce lafiya lau, domin ɗaya ta ɓoye ɗaya. Amma ido yana ganin gida biyu a jerin, kuma wannan yawanci alama ce ta wani abu na zahiri, kwanuka biyu suna shiryayye na sama uku suna na ƙasa, ko garin bai cakuɗu ba. Shi ya sa nake sa yaran su ɗiga lambobin a kan layi da fensir kafin su taɓa kalkuleta. Juyin wannan kuskuren shi ne a cire ɗaya, a sake gwada ragowar huɗun, a cire wata, a sake. Iyakokin jadawalin an lissafa su ne don gwaji sau ɗaya a kan lamba ɗaya. Mai yin ta zagaye-zagaye zai ƙare da lambobi biyu masu kama da juna da kuma tabbacin da bai saya ba.

Wannan tabbacin na bogi shi ne ainihin ɓarnar cire awo ba bisa hujja ba, fiye ma da motsin matsakaici. Da duka biyar s ɗinmu 0.50 ne. Cire 14.9, ya faɗo 0.17, kamar hannunmu ya ninka ƙwarewa sau uku cikin daƙiƙa ɗaya. In 14.9 kuskure ce da gaske, 0.17 ita ce gaskiyar aikinmu. In kuwa halastacciya ce, to mun yi wa kanmu shaidar zur, kuma wata rana wani ɗakin gwaji a Duwala zai auna kayan da muka sa wa hannu ya sami abin da ya fita daga tazarar da muka yi alkawari. Ga kuma abin da yaron bai lura da shi ba. Ko da mun soke lambar, tazarar tabbaci ta kashi 95, wato iyakokin da muke sa ran ainihin danshin yana cikinsu, a kan awo huɗun ita ce 13.83 da ƙari ko ragin 0.27, wato tana kaiwa 14.10. Sharaɗin Alhaji na 14.0 yana cikinta. Sokewar da yake ɗokin yi ba ta ma isa ta wanke masarar sarai ba. Da duka biyar kuwa tazarar 14.04 ce da ƙari ko ragin 0.62, wadda ba ta ce komai ba illa cewa muna kusa da iyaka.

Lambar tsakiya tana da amfani a irin wannan wuri. In ka jera biyar ɗin, ta uku ita ce 13.9, kuma ko 14.9 ta zama 19.4 ba za ta motsa ba. Nakan rubuta ta a gefen littafi don in ga inda jerin ya dosa. Sai dai takardar ciniki matsakaici take nema, don haka ba ta raba gardama.

Kafin in faɗi abin da muka yi, akwai tambayar da ta fi duk lissafin nan nauyi, kuma da ita ya kamata a fara tun kafin littafin aiki: su waɗannan biyar ɗin, maimaicin mene ne? Namu daga gari ɗaya suka fito, wanda aka niƙa aka cakuɗa, don haka danshi ɗaya muke aunawa sau biyar, kuma bambancinsu na hannunmu ne da kayan aikinmu. Da a ce buhu biyar dabam-dabam aka soka aka auna kowanne shi kaɗai, labarin ya sauya gaba ɗaya. A nan 14.9 tana iya zama buhun da aka ɗinke masararsa ba ta gama bushewa ba, ko wanda ya kwana a ƙasan rumbu. Wannan buhun shi ne zai fara zafi, ya yi funfuna, kuma funfunar masara ita ke kawo gubar afalatoksin. Wanda ya ɗauki jadawalin Dixon ya share wannan lambar, ya share labarin da aka aiko shi nema. Haka abin yake ga duk abin da ba ya rarrabuwa daidai a cikin kaya. Ita afalatoksin ɗin kanta a 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa, samfuri ɗaya ya fito da ninkin sauran sau goma ba abin mamaki ba ne, siffar tsibin nan mai daidaiton gefe biyu ba ta aiki a wurin, jadawalin ma ba ya aiki. Ƙidayar ƙwayoyin cuta a ruwan rijiya ma haka take, jelarta doguwa ce ta gefen sama.

To, mu dai gari ɗaya ne. Ƙa'idarmu ta ce in gwaji bai ba da izinin cirewa ba, kuma sakamako yana bakin iyakar ciniki, a ƙara awo biyu daga ragowar garin, a haɗa da na farko, a yanke hukunci a kan duka. Adadin a rubuce yake tun da, biyu, ba a yi ta maimaitawa har sai abin da ake so ya fito ba, kuma tsofaffin lambobin ba a share su. Ragowar garin yana cikin kwalba mai murfin roba a rufe gam, wannan ma sharaɗi ne, domin garin da aka bari a buɗe a kan tebur, musamman in iskar hunturu ta fara busowa, zai sha iska ya ba ka ƙasa da gaskiya, ka ɗauka ka tabbatar da zarginka. Na fita na sami Alhaji a inuwar dalbejiya na ce masa sai gobe. "Malam, motar fa na biya kuɗin kwana," in ji shi. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, kwana ɗaya a Garuwa ya fi a dawo maka da kaya daga kudu." Bai ji daɗi ba, amma ya tafi.

Washegari sababbin biyun suka fito 13.7 da 13.9. Yanzu jerin bakwai ne: 13.6, 13.7, 13.8, 13.9, 13.9, 14.0, 14.9. Abin sha'awa shi ne Q bai canja ba ko kaɗan, giɓi 0.9, faɗi 1.3, har yanzu 0.692. Iyakar ce ta sauko. Ga awo bakwai ita ce 0.568 a kashi 95, 0.680 a kashi 99. Lamba ɗaya ta yi nisa da 'yan'uwa huɗu, sa'a tana iya kawo haka. Ta yi wannan nisan da 'yan'uwa shida da suka dunƙule cikin tazarar 0.4, wannan ya fi ƙarfin sa'a ta yau da kullum. Ta haura har iyakar kashi 99, ko da yake da ƙyar. Wannan bambancin matakai biyu yana da amfani, kuma ƙa'idar ISO 5725-2, wadda aka yi don kwatanta sakamakon ɗakunan gwaji, tana aiki da shi: abin da ya faɗa tsakanin kashi 95 da 99 ana sa masa alama a bar shi in ba a sami dalili ba, abin da ya wuce 99 shi ake ɗauka bare.

Gaskiya ita ce gwajin da aka yi bayan an ƙara awo saboda zargi ba shi da tsarkin wanda aka tsara tun farko da bakwai, don haka ban jingina da shi kaɗai ba. Na duba ta ɗaya gefen: in an bar 14.9 a ciki, matsakaicin bakwai 13.97 ne. In an cire ta, matsakaicin shida 13.82, s 0.15, tazarar tabbaci daga 13.66 zuwa 13.97. Ta kowace hanya matsakaicin yana ƙasa da 14.0. Hukuncin ya daina rataya a wuyan lamba ɗaya, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali fiye da jadawalin.

A takardar sakamako na sa yaron ya rubuta duka bakwai ɗin da hannunsa, ya ja layi ɗaya siriri a kan 14.9 yadda za a iya karanta ta, ba shafewa da farin ruwa ba. A ƙasa ya rubuta cewa an cire ta da gwajin Q na Dixon, awo bakwai, Q 0.692, iyaka 0.568 a kashi 95 gefe biyu, ba a gano dalili a littafin aiki ba, matsakaici da ita 13.97, ba ita 13.82. Ya tambaye ni me ya sa za mu nuna wa mai saye lambar da muka riga muka jefar. Na ce don in mai sayen yana da tasa ƙa'idar da ba ta yarda da cirewa ba, ya iya yin nasa lissafin ba sai ya bugo waya ba. Akwai kuma dalili na cikin gida. Kwanon da ya ba da 14.9 mai lamba huɗu ne, kuma a kusurwar baya ta hagu ya zauna a tanda. Na buɗe shafi a bayan littafi na rubuta kwanan wata, lambar kwano da wurin zamansa. In an cire awo sau ɗaya a wata, ba komai. In shafin ya fara cika da kwano na huɗu ko da kusurwar hagu, to ba saniyar ware muke da ita ba, kwano ne mai tsatsa ko tanda mai zafin gefe, sai a kira mai gyara ya zo da ma'aunin zafi.

Alhaji ya karɓi takardarsa da hantsi, ya duba layin da aka ja, ya tambayi ko wannan zai jawo masa magana a wurin mai saye. Na nuna masa lambobin biyu na ƙasa, 13.97 da 13.82, na kuma gaya masa cewa masararsa ta haye amma ba da rata mai yawa ba, ya sa a rufe motar da tampol sosai, don ana iya samun ragowar ruwan sama a hanyar Gaundare.